Layi na 21: Yadda Kurame Suka Samu Rubutu a Talabijin na Amurka

A zamanin da fim bai fara magana ba, kurma da mai ji duk kujera ɗaya suke zama a gidan silima, kuma abu ɗaya suke kwasowa. Ɗan wasa ya motsa baki, sai allon rubutu ya fito ya faɗi abin da ya ce, kowa ya karanta. Wannan daidaito ya soma rushewa a 1927, lokacin da kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer, fim ɗin da ya buɗe ƙofar finafinai masu sauti. Cikin 'yan shekaru allunan rubutu suka ɓace, kurame suka koma kallon leɓɓa suna motsi, 'yan wasa kurame kuma suka rasa sana'a.

Ɗaya daga cikin waɗannan 'yan wasa shi ne Emerson Romero, haifaffen Kuba. A 1947 ya riƙa sayen finafinai yana yanka zaren fim ɗin, yana cusa allunan rubutu a tsakanin hotuna kamar yadda ake yi a da, sannan ya ba makarantu da ƙungiyoyin kurame haya. Dabarar ta yi aiki, amma tana da illa biyu: fim yana ƙara tsawo sosai, sautin da ke jikin zaren kuma yana tsinkewa duk inda aka yanka, don haka mai ji ba ya iya kallo tare da ɗan'uwansa kurma. Shugabannin makarantun kurame biyu, Edmund Boatner na Hartford da Clarence O'Connor na New York, su suka ɗauki aikin daga nan, suka kafa ƙungiyar da ke buga rubutun a kan hoton kansa ba tare da an yanka komai ba. Kuɗi ya gagare su, suka nufi majalisa, a 1958 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta mayar da aikin hannun gwamnati. Daga cikin ma'aikatan ofishin gwamnatin da ya karɓi aikin akwai Malcolm Norwood, kurma, wanda daga baya ya shugabance shi, kuma shi ya fi kowa nacewa cewa silima ta riga ta zama tsohon zance, talabijin ne ya shiga ɗakin kowa.

Tashar WGBH ta birnin Boston ce ta fara gwadawa. A 1972 ta sa rubutu a shirin girke-girke na Julia Child mai suna The French Chef. A Disambar 1973 ta shiga abin da ya fi wuya, wato labarai. Kamfanin ABC yana watsa labaransa da yamma, ma'aikatan WGBH su naɗa, su saurara, su rubuta, su rage tsawon jimloli, su daidaita kowane rubutu da lokacinsa, sannan tashoshin gwamnati su sake watsa shirin da dare, bayan kimanin awa 5. Da yake tashoshin gwamnati ba sa sa talla, sai aka riƙa cike gurbin tallan da labaran da suka shafi kurame. Kusan shekara 10 wannan ne kaɗai labaran ƙasa da kurma ke iya bi a ranar da aka yi su.

Rubutun nan a buɗe yake, an ƙona shi a jikin hoto, duk mai kallo sai ya gan shi ko yana so ko ba ya so. Manyan kamfanonin talabijin masu neman riba suka ce ba za su yi ba, don masu ji za su ce an ɓata musu hoto su juya tasha. Ko sun yi gaskiya ko tsoro ne kawai, wannan ƙin nasu shi ya tsara duk abin da ya biyo baya. Dole aka nemi hanyar da rubutu zai taho tare da shiri amma a ɓoye, sai wanda ya nema zai gani.

Hanyar ta fito daga inda ba a zata ba. Hukumar awo da ma'auni ta Amurka tana neman yadda za ta aika sahihin lokaci ga ƙasa baki ɗaya ta cikin siginar talabijin. Aikin agogon bai kai ko'ina ba, amma injiniyoyin ABC suka lura cewa inda za a iya ɓoye lambobin agogo za a iya ɓoye haruffa. An nuna dabarar a wani taro a ƙarshen 1971, sannan a Fabrairun 1972 aka nuna wa kurame a kwalejin Gallaudet da ke Washington wani kashi na shirin The Mod Squad da ɓoyayyen rubutu.

Talabijin na wancan zamani yana zana hoto ne layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. A tsarin Amurka hoto ɗaya layi 525 ne, ana zana kusan hoto 30 a daƙiƙa. Idan hasken da ke zanen ya kai ƙasan gilashi, yana buƙatar ɗan lokaci ya koma sama, a wannan lokaci kuwa layukan da ake aikowa babu hoto a cikinsu. Duk wanda ya yi zamani da tsohuwar akwati ya san baƙin ratsin nan da ke bayyana idan hoto ya fara birgima. Waɗannan layuka ne marasa komai. A 1976 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta keɓe na 21 daga cikinsu don rubutun kurame. Yana can sama da inda ido ke gani, don haka mai ji ba zai ma san da shi ba.

Sai dai layi ɗaya ƙaramin wuri ne. Harafi 2 kacal yake ɗauka a kowane hoto, wato kimanin harafi 60 a daƙiƙa, kuma a cikin wannan ɗan rabo ne umarni ma zai bi: share allo, koma layi na kaza, canza launi. An raba gilashin gida-gida, jeri 15 daga sama zuwa ƙasa, kowane jeri yana ɗaukar harafi 32, ba a nuna fiye da jeri 4 a lokaci guda. A ɗauka ɗan wasa zai faɗi magana mai cika jeri biyu, harafi 64. Haruffan kaɗai za su ci hoto 32. Umarnin da ke cewa a fara lodi, da na share ma'ajiya, da na matsayin kowane jeri, da na ƙarshe mai cewa a nuna, kowanne sau biyu ake aiko shi don gudun kada iska ta lalata ɗaya, wannan ya ƙara kimanin hoto 10. Jimla hoto 42, kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Saboda haka akwatin karɓa yana da ma'ajiya biyu: yana nuna magana ɗaya a gilashi yayin da yake tara ta gaba a ɓoye, idan lokaci ya yi sai ya musanya su. Mai shirya rubutu dole ya fara aika kowace magana tun kafin a furta ta. Idan mutum biyu suna cacar baki da sauri, layin ba zai iya bin su ba, sai a taƙaita ko a haɗa maganganu biyu a allo ɗaya. Wani ɓangare na taƙaitawar da kurame suka daɗe suna ƙorafi a kanta daga nan ta samo asali, ko da yake wani ɓangaren raini ne, don masu aikin na farko sun ɗauka kurma ba zai iya karanta cikakkiyar jimla ba. Kurame suka ce a ba su abin da aka faɗa kamar yadda aka faɗa, su za su san yadda za su yi da shi, sannu a hankali kuma aikin ya karkata can.

Kamannin rubutun ma ƙarancin kayan aiki ne ya haife shi. Fararen haruffa ne a cikin baƙin akwati, yawanci duk manyan baƙaƙe, domin ƙananan baƙaƙen da na'urorin farko ke zanawa ba su fita da kyau, masu jela irin su g da y sukan cukurkuɗe. Baƙin akwatin ba shi da kyan gani, amma ya warware matsalar da har yau masu haɗa bidiyo ke faɗawa cikinta: bayan rubutu hoto ne mai motsi, yanzu duhun dare, an jima farar riga, babu launin harafi ɗaya da zai fita a kan duka biyun. Kowane harafi kuma yana tafe da alamar bincike guda, idan ta nuna an samu kuskure a hanya sai akwatin ya zana ɗan farin murabba'i a gurbinsa. Mai kallo da ya ga murabba'ai sun yi yawa ya san eriyarsa ce ko tsohon kaset, ba mai rubutu ba. Idan kuwa kalmomin sun fito tsaf amma ba su da ma'ana, to laifin daga ɗakin rubutu yake.

A 1979 aka kafa cibiyar rubutun talabijin ta ƙasa, NCI, don ta riƙa yin aikin. Ranar 16 ga Maris 1980 shirye-shirye na farko masu ɓoyayyen rubutu suka fita a ABC da NBC da tashoshin gwamnati na PBS. Kantunan Sears suka fara sayar da akwatin karɓa mai suna TeleCaption a kan kimanin dala 250, kuɗin da ya kusa sayen wani talabijin ɗin. CBS ta ƙi shiga. Hujjarta ita ce Layi na 21 tsohon yayi ne tun kafin a haife shi, gara a jira tsarin teletes irin na Turai, wanda BBC ta fara da sunan Ceefax a 1974, mai ɗaukar shafuka da yawa da launuka. Ta fuskar fasaha CBS ba ta yi ƙarya ba, teletes ya fi ƙarfi, kuma da shi Birtaniya ta yi nata rubutun a shafi na 888, tana bambanta masu magana da launi: fari, rawaya, shuɗi mai haske, kore. Amma kurman da ya riga ya kashe dala 250 ba ya ganin komai a CBS. A 1982 kurame suka yi zanga-zanga a ƙofar tashoshinta a garuruwa da dama, a 1984 ta sauko.

Shekarar 1982 ɗin ce kuma aka karya shingen shirye-shiryen kai tsaye. NCI ta ɗauko masu rubutun kotu, waɗanda ke aiki da na'urar da ake danna maɓallai da yawa a lokaci guda, kowace dannawa gaɓar kalma ce ba harafi ba, har mutum ya wuce kalma 200 a minti. Kwamfuta tana duba ƙamus ɗin da mai rubutun ya gina wa kansa, ta mayar da gaɓoɓin kalmomi, ta tura su Layi na 21. Martin Block ne ya yi wa bikin kyautar Oscar na wannan shekara rubutu kai tsaye, kafin shekara ta ƙare labaran yamma na ABC suka bi. Irin wannan rubutu ba ya faɗowa gaba ɗaya, jeri-jeri yake hawowa daga ƙasa, yana bin bayan magana da 'yan daƙiƙoƙi. Kuskurensa ma nasa ne na daban: tunda sauti ake dannawa, sunan da ba ya cikin ƙamus sai ya fito a matsayin wasu kalmomi masu kama da shi a kunne. Shi ya sa ƙwararre ke kwashe lokaci kafin shiri yana shigar da sunayen baƙi da garuruwa.

Duk da haka abin ya tsaya cak. Bayan shekara 10 akwatunan da aka sayar ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da ke da kurame da masu raunin ji fiye da miliyan 20. Masu shirye-shirye suna cewa masu akwati ba su da yawa, don me za su kashe kuɗi. Mutane suna cewa shirye-shirye masu rubutu ba su da yawa, don me za su sayi akwati. Akwai kuma dattawan da jinsu ya ragu da shekaru, waɗanda su ne mafi yawa, kuma ba sa kiran kansu kurame balle su shiga kanti su nemi na'urar kurame. Abin da ya kwance ƙullin doka ce gajera da Sanata Tom Harkin, wanda yayansa kurma ne, ya jagoranta, shugaba George Bush na farko ya sa mata hannu a 1990. Ta ce daga 1 ga Yuli 1993 duk talabijin mai faɗin inci 13 ko fiye da za a sayar a Amurka sai an gina masa na'urar karanta rubutu a ciki. Abin da ake saya dala ɗaruruwa a matsayin akwati ya koma ɗan guntun da bai wuce 'yan daloli ba, kuɗinsa ya bazu a kan kowa. A ganina wannan ita ce doka mafi wayo a duk tarihin, domin ba ta tilasta wa kowa rubuta ko harafi ɗaya ba, ta dai kashe hujjar ƙin rubutawa. Tilastawar ta zo a dokar sadarwa ta 1996, wadda a ƙarƙashinta FCC ta tsara matakai har zuwa Janairun 2006, lokacin da ya zama dole duk sabon shiri na Turanci ya zo da rubutu, ban da 'yan kaɗan da aka yafe wa.

Makafi sun bi hanya mai kama da wannan, amma tasu ta fi gargada. Abin da suke buƙata murya ce da za ta shiga tsakanin maganganun 'yan wasa ta faɗi abin da ido ke gani: wane ya shigo, me ke hannunsa, me aka rubuta a takardar da ya buɗe. Gregory Frazier ya tsara ka'idojin abin a San Francisco a shekarun 1970, Margaret Pfanstiehl, wadda ita kanta ganinta ya tafi, ta fara aiwatar da shi a gidan wasan kwaikwayo na Arena Stage a Washington a 1981. Ƙa'idar da suka kafa ita ce mai bayani ya faɗi abin da ya gani, kada ya fassara. Ba zai ce matar ta yi fushi ba, zai ce ta murtuƙe fuska ta jefar da makulli, mai sauraro ya yanke hukunci da kansa. Kuma ba ya taka maganar ɗan wasa. Idan gurbin daƙiƙa 3 ne, a cikinsa zai zaɓi abu ɗaya mafi muhimmanci ya bar sauran. A 1990 WGBH ta fara watsa irin wannan bayani ta wata hanyar sauti ta biyu da ke cikin siginar talabijin, mai suna SAP. Hanyar ɗaya ce tak, kuma ita ake amfani da ita wajen fassarar Sifaniyanci, don haka sau da yawa sai an zaɓi ɗaya. A 2000 FCC ta umarci manyan tashoshi su yi bayanin awa 50 a kowane wata 3. Kamfanonin fim suka kai ƙara, a 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin, ta ce majalisa ba ta ba hukumar wannan iko ba. Sai da aka yi sabuwar doka a 2010, a zamanin Obama, umarnin ya dawo, ya fara aiki a 2012. Shekara 10 ke nan suka salwanta a kan tambayar wa ke da ikon ba da umarni.

Kafin nan ƙasar ta riga ta motsa a ƙarƙashin kowa. A Yunin 2009 manyan tashoshin Amurka suka rufe tsohuwar sigina suka koma dijital, inda babu hasken da ke komawa sama, babu layi na 21 na gaske. Sabon tsari ya ba mai kallo ikon zaɓar girman harafi da launinsa da duhun akwatin bayansa, wanda babban ci gaba ne ga mai raunin gani. Amma wayar HDMI ba ta ɗauko ɓoyayyen rubutu zuwa talabijin, hoto gamamme take kawowa. Mutane da yawa sun yi ta danna CC a rimot ɗin talabijin ba su ga komai ba, alhali a jikin dikoda ya kamata a kunna. Intanet kuma dokokin baya ba su ambace ta ba. Ƙungiyar kurame ta ƙasa ta kai Netflix kotu a 2011, aka sasanta a 2012 a kan cewa zuwa 2014 duk abin da kamfanin ke nunawa zai samu rubutu. A 2015 ya fitar da Daredevil, labarin jarumi makaho, ba tare da bayanin murya ba. Bayan ƙorafi aka ƙara cikin 'yan kwanaki. YouTube ta fara rubutun da na'ura ke yi da kanta a Nuwambar 2009, cikin masu aikin har da Ken Harrenstien, injiniya kurma. Ya rage tsada ƙwarai, amma na'urar farko ba ta sa aya, ba ta cewa wane ne ke magana, kuma takan yi ɓarna a sunaye da karin harshe. A 2014 FCC ta fitar da ma'aunin inganci ga talabijin: rubutu ya zama daidai da abin da aka faɗa, ya zo a kan lokaci, ya kai ƙarshen shiri, kada kuma ya rufe fuska ko wani rubutun da ke allo.

Batun fitar rubutu a ido ya samu lamba a Disambar 2008, a ka'idojin WCAG 2.0 na ƙungiyar da ke tsara dokokin yanar gizo. Ana auna hasken harafi da na bayansa a fitar da rabo, daga 1:1, wato launi ɗaya, zuwa 21:1, wato fari da baƙi. Rubutu na yau da kullum ana so ya kai 4.5:1, manya kuma 3:1. Toka mai lamba `#767676` a kan fari da ƙyar ta haye, `#777777` ta faɗi da kaɗan. Rawaya a kan fari ba ta ma kai 1.1:1 ba, ita ce kuwa ake yawan gani a bidiyon bukukuwa tana bi ta kan fararen kaya.

Najeriya da Nijar ba su taɓa amfani da Layi na 21 ba, domin tsohon talabijin ɗinsu tsarin layi 625 ne, kuma jerin haruffan Layi na 21 an yi shi ne don Turanci da ɗan abin da Sifaniyanci da Faransanci ke buƙata, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Rubutun Turanci da ke ƙasan finafinan Kannywood an yi shi ne don mai ji wanda bai iya Hausa ba, shi ya sa ba ya faɗin cewa an buga ƙofa ko waya ta yi ƙara, kuma a jikin hoto yake, ba a iya kashe shi ko ƙara masa girma. Fayil ɗin rubutu na intanet, irin WebVTT, ya cire waɗannan shinge. Rubutu ne zalla da ake iya yi a kowace kwamfuta, ana ɗora shi tare da bidiyo:

```
WEBVTT

00:01:12.000 --> 00:01:14.500
[ana ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi]

00:01:15.000 --> 00:01:17.800
Ladi: Wane ne da tsakar daren nan?
```

Layin farko na kowane kashi lokacin fitowa ne da na ɓacewa, na biyu abin da za a karanta. An sa sunan Ladi ne saboda tana magana daga cikin ɗaki, ba a ganin bakinta. WebVTT da tsarin haruffa na UTF-8 kaɗai yake aiki. Idan aka adana fayil ɗin da wani tsarin, ko aka mayar da shi tsohon fasalin talabijin don wata tasha, haruffa masu ƙugiya su ne na farko da za su koma alamar tambaya.